Tana caji amma kwamfuta ba ta ganin ta: labarin wata 'yar na'urar kiɗa mai cuta uku

Ƙanwata ce ta ajiye mini ita a kan tebur, 'yar na'urar MP3 wadda ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, da kebul ɗinta a nannaɗe. Ta ce, "Yaya, ta lalace. Kwamfuta ba ta ganin ta ko kaɗan." Damuwarta ba waƙoƙin ba ce, don waɗannan tana da su a wani wuri. Da na'urar take ɗaukar muryar malamai a aji, kuma darussan zango guda suna cikin katin memorin da ke cikinta, ba ta da kwafinsu a ko'ina.

Na'urar tana da ma'ajiyar ciki ta giga 8, da wurin saka ƙaramin kati, wanda a lokacin akwai na giga 32 a ciki. Ramin cajinta irin na Micro-USB ne, wanda tsofaffin wayoyi suke da shi. Kwamfutar kuwa ta hannu ce mai Windows 10, da ramukan USB uku.

Kafin in taɓa komai na tambaye ta yadda abin ya faro, kuma amsarta ce ta zama rabin aikin, ko da yake ban gane haka ba sai daga baya. Ta ce tun makonni da suka wuce na'urar take haɗuwa tana yankewa, sai ta riƙe kan kebul ɗin da yatsa kafin ta zauna. Wata rana tana tura waƙoƙi cikin katin sai ta yanke a tsakiya. Daga ranar na'urar ta daina nuna abin da ke cikin katin. Ta ɗora laifin a kan kebul, ta jefar da shi, ta ɗauko wani gajere da ya zo da batirin ajiyar caji. Tun daga nan kwamfutar ta yi tsit.

Kalmar "ba ta gani" tana ɓoye abubuwa daban-daban, kuma kwamfuta kan nuna bambancinsu ga wanda ya kasa kunne. Akwai lokacin da za ka soka na'ura ka ji shiru, babu ƙara, babu saƙo. Akwai lokacin da za ta yi ƙarar haɗuwa sannan ta yi ƙorafin ba ta san abin da aka soka mata ba. Akwai kuma lokacin da ta san na'urar sarai, ma'ajiyar ce ta ƙi buɗuwa. Kowanne wurin nemansa daban. Wannan na'ura ta nuna mini ukun duka, ɗaya bayan ɗaya.

Shiru

Na soka ta yadda ƙanwata ta kawo ta. Alamar batir ta fara motsi a fuskarta, tana caji. Kwamfutar ba ta ce uffan ba. Na danna maɓallin Windows da R, na rubuta:

```
devmgmt.msc
```

Wannan ne ke buɗe Device Manager, jerin duk kayan da kwamfuta ta san suna jikinta. Na bar shi a buɗe, na zare kebul, na mayar. Duk lokacin da aka soka wani abu da kwamfuta ta ji, jerin nan yakan yi ɗan ƙyaftawa ya sake jera kansa, ko da abin da aka soka ɗin lalatacce ne. A nan bai ko motsa ba.

Ƙanwata ta ce, "Amma ai tana caji, Yaya, kebul ɗin lafiyarsa lau." Wannan shi ne tunanin da ke ɓata wa mutane kwanaki. Cikakken kebul irin wannan wayoyi huɗu ne a cikinsa. Biyu na wuta ne, ja mai ɗauke da bolt 5 da baƙi na komawa. Sauran biyun, waɗanda yawanci kore ne da fari, su ne hanyar magana. Idan ka leƙa cikin babban kan da ake sokawa a kwamfuta za ka ga haƙora huɗu: na gefe biyu, waɗanda suka ɗan fi tsayi, na wuta ne, na tsakiya biyu na bayanai. Na'ura tana sanar da zuwanta ne ta hanyar ɗaga ɗaya daga cikin wayoyin tsakiya zuwa kimanin bolt 3.3. Ganin wannan ne yake sa kwamfuta ta fara tambayar ko wane ne. Kebul ɗin da aka yi don caji kawai sau da yawa ba shi da wayoyin tsakiya gaba ɗaya, ko da haƙoran suna nan a kansa. Wuta za ta wuce, batir zai cika, amma sallamar ba za ta isa ba.

Daga waje ba a iya rarrabe su da tabbaci. Na ga siriri mai ɗaukar bayanai, na ga kakkaura wanda ba ya yi. Gwajin da na dogara da shi mai sauƙi ne: in gwada kebul ɗin da wata na'ura da na san lafiyarta. Na ɗauko wata tsohuwar waya mai rami iri ɗaya, na haɗa ta da kebul ɗin ƙanwata. Ta yi caji, ba ta kawo zaɓin tura fayil ba, kwamfuta ba ta ji ta ba. Na canja zuwa kebul ɗina, waya ɗaya, rami ɗaya, nan take kwamfutar ta yi ƙara ta nuna wayar. Abu ɗaya kawai na canja, don haka babu shakka a kan mai laifi. Mai mitar auna lantarki zai iya tabbatarwa ta hanyar auna ko haƙoran tsakiya suna kaiwa ɗaya kan, amma haƙoran Micro-USB ƙanana ne ƙwarai, gwajin waya ya fi sauri.

Na ɗaura wa gajeren kebul ɗin zare don kada ya sake shiga cikin masu aiki, na ajiye shi gefe.

Ƙara da ƙorafi

Da kebul mai kyau kwamfutar ta yi ƙara, sai dai abin da ya biyo baya saƙo ne a kusurwar allo: "USB device not recognized". A cikin Device Manager, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, ga layi mai alamar rawaya: "Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed)", kuma cikin bayaninsa akwai "Code 43".

Wannan ci gaba ne, duk da bai yi kama da shi ba. Ma'anarsa kwamfuta ta ji sallama, ta tambayi na'urar sunanta da irinta, amsar ce ba ta iso ba ko ta iso a kakkarye. A nan ne mutane da yawa suke shiga neman manhajar da za su sauke, kuma a ganina ɓata lokaci ne. Kwamfuta tana zaɓen manhajar da ta dace ne bayan ta san abin da aka soka mata, nan kuwa ko sunan ba ta ji ba. Bayan haka, irin waɗannan na'urori galibi suna gabatar da kansu ne tamkar filashi, kuma Windows tana da abin karanta filashi tun asali. Abin da ake zargi a wannan matakin shi ne hanyar da saƙon ke bi, ko ƙarancin wuta, ko na'urar da ta daskare.

Na fara da ramukan kwamfutar, domin sun fi sauƙin wankewa daga zargi. Na soka filashi a kowanne cikin ukun, na buɗe fayil, na kwafi wani. Duka lafiya. Da babbar kwamfutar tebur ce, da na koma ramukan baya, waɗanda suke manne da babban allon ciki, saboda na gaba ta siririyar waya suke bi kuma sun fi saurin sakwarkwacewa. Da kuma akwai abin rarraba ramuka a tsakani, irin wanda ke mayar da rami ɗaya huɗu ba tare da wutar kansa ba, da na cire shi. Ramin USB 2.0 an tsara shi ya ba da miliamfiya 500, na 3.0 kuma 900, kuma idan an raba wannan tsakanin na'urori da yawa, wadda batirinta ya yi ƙasa takan kasa tsayawa ta yi magana. Saboda wannan dalilin na bar na'urar a caja ta bango na rabin awa, sannan na danna ɗan maɓallin da ke cikin ƙaramin huji a bayanta, wanda aka rubuta RESET a gefensa. Maɓallin nan yana tayar da na'urar ne kawai, ba ya goge komai. Na sake sokawa. Saƙo ɗaya. Na kai ta wata kwamfutar, nan ma haka.

Kebul mai kyau, ramuka masu kyau, kwamfuta biyu. Saura ramin na'urar kanta. Sai maganar ƙanwata ta dawo mini, cewa sai ta riƙe da yatsa. Na soka kebul na ɗan danna kansa ciki na riƙe, sai ga fuskar na'urar ta canja zuwa hoton haɗuwa da kwamfuta. Na saki, ta yanke. Na kuma lura kan kebul ɗin ba ya shigewa har ƙarshe, ana hango ɗan farin ƙarfensa a waje, kuma babu ɗan ƙas ɗin da ake ji idan ƙugiyoyinsa biyu sun kama.

Na haska tocila cikin ramin. A can ƙuryarsa akwai wani abu toka-toka da ya daddale. Zaren aljihu ne da ƙura, waɗanda duk sokawa take ƙara tura su ciki tana matse su har su zama kamar ƙullin auduga. Kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, amma ya isa ya hana haƙoran haɗuwa sosai. Caji yana jure rabin taɓawa, batir dai zai cika a hankali. Bayanai ba sa jurewa, domin ana aika su miliyoyi a daƙiƙa, ɗan yankewa kaɗan ya isa ya ɓata saƙon.

Na kashe na'urar, na feƙe tsinken sakace na itace ya yi siriri, na bi gefen ramin da ƙasansa a hankali ina yakuto dattin. Allura ko fil ba su dace da wannan aiki ba, ƙarfe na iya haɗa haƙoran da bai kamata su haɗu ba ko ya kankare su. Kuma akwai ɗan harshe a tsakiyar ramin wanda haƙoran biyar suke kwance a jikinsa, ba a jingina tsinke da shi, idan ya karye sai dai a canja ramin ɗungurungum. Abin da ya fito ya ba ƙanwata mamaki. Da na mayar da kebul, ya shige har ƙarshe, ya yi ƙas.

Ma'ajiyar da ta ƙi buɗuwa

Yanzu alamar rawaya ta ɓace. A This PC haruffa biyu suka bayyana, E: da F:. Wannan daidai ne, na'urar tana nuna ma'ajiyar cikinta daban, katin daban. E: ta buɗe da waƙoƙinta. F: kuwa ta tsayar da tagar kusan minti guda, sannan ta kawo: "You need to format the disk in drive F: before you can use it."

Hannun ƙanwata ya riga ya kai kan linzamin kwamfutar. Na riƙe shi. Maɓallin Format disk zai sa katin ya buɗe, amma fanko, domin zai rubuta sabon jadawali a kan tsohon da ke nuna inda kowane darasi yake. Muka danna Cancel.

Tambayar a nan ita ce, katin ne ko wurin da ake saka shi? Hanyar rabewa ita ce a raba su biyun a gwada kowanne da abokin da aka yarda da shi. Na cire na'urar ta hanyar Eject, na kashe ta, na zare katin. Na saka mata wani kati nawa na giga 8 mai 'yan waƙoƙi. Ta karanta shi, kwamfuta ma ta buɗe shi ta cikinta. Wurin saka kati ya fita daga zargi. Katin ƙanwata kuma na goge haƙoransa na zinare da busasshen ƙyalle mai laushi, na sa shi a na'urar karanta kati daban, na buɗe:

```
diskmgmt.msc
```

Disk Management yana nuna abin da This PC ba ya faɗa, kuma abu biyu nake dubawa. Na farko girma. Da ya rubuta No Media, ko ya nuna wani girma na banza kamar 'yan megabait, da na ce ƙwaƙwalwar da ke sarrafa katin ta mutu, kuma babu manhajar gida da za ta dawo da shi. Amma ya nuna kimanin giga 29.7, wanda shi ne abin da Windows ke nunawa ga katin giga 32, saboda masu ƙera kati suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuma da 1024. Na biyu tsarin fayil. Inda ya kamata a ga FAT32, an rubuta RAW. Wato katin yana amsawa, shafinsa na farko da ke bayyana tsarinsa ne ba ya karantuwa.

A nan ƙanwata ta tuna cewa ta ari katin giga 64 daga ƙawarta don ta gwada, na'urar ba ta gan shi ba, abin da ya ƙara sa ta yanke cewa na'urar ta mutu. Wannan gwajin bai nuna komai ba. Katunan da suka wuce giga 2 zuwa 32 su ne SDHC, kuma da FAT32 suke zuwa. Waɗanda suka wuce giga 32 zuwa tera 2 su ne SDXC, da exFAT suke zuwa, kuma ƙananan na'urori da yawa, musamman tsofaffi, ba su san exFAT ba. Katin ƙawar lafiyarsa ƙalau, harshensa ne na'urar ba ta ji. Katin gwaji dole ya zama wanda ka tabbata na'urar za ta iya karantawa, in ba haka ba sai ya ƙara maka ruɗani.

Don ceto darussan na yi amfani da TestDisk, manhaja ce ta kyauta. Na zaɓi katin, na tabbatar da girmansa sau biyu don kada in taɓa faifan kwamfutar, na shiga Advanced. Abu na farko shi ne Image Creation, wanda ke kwafe katin baki ɗaya, da mai kyau da marar kyau, zuwa fayil guda a kwamfuta. Yana cin lokaci kuma yana buƙatar wuri daidai girman katin, amma ba na rubuta komai a kan katin da ke ɗauke da abin da babu kwafinsa sai na yi wannan. Idan gyara ya ƙara ɓata abu, akwai inda za a koma.

Daga nan na shiga Boot. Tsarin FAT32 yana ajiye kwafin shafin farko a wani gurbi kaɗan gaba da shi, yawanci na 6, don irin wannan rana. TestDisk ya nuna na asalin a matsayin Bad, kwafin kuma OK. Na zaɓi Backup BS, wanda ke ɗora kwafin a kan lalataccen, na amince. Na zare katin na mayar, sai ga foldoji da sunayensu. Muka kwashe komai zuwa kwamfuta kafin mu yi wani abu. Da kwafin ma ya lalace, da PhotoRec za mu koma, abokin tafiyar TestDisk, wanda ke tono fayiloli daga cikin katin kai tsaye, sai dai yakan dawo da su ba sunaye ba foldoji, kuma a sake tantance darussa masu yawa ta hanyar saurare ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai bayan an kwashe na gudanar da wannan, inda F: yake harafin katin:

```
chkdsk F: /f
```

Ban fara da shi ba saboda ba ya aiki a kan RAW, kuma ko inda yake aiki, burinsa daidaita jadawali ne, ba ceton fayil ba. Ya sami 'yan gutsattsarin da ba su da mai su, ya tara su a folda FOUND.000. Ragowar waƙoƙin da ake turawa ne ranar da haɗin ya yanke. Darussan duka suna buɗuwa, sai guda ɗaya da ya tsaya a tsakiya, wanda ta ce ranar batir ne ya ƙare mata ana cikin ɗauka.

Sai a nan labarin ya haɗu a kaina, kuma na ga mun bi shi ne daga ƙarshe zuwa farko. Datti ya sa ramin ya saki. Sakin ramin ya yanke rubutu a tsakiya. Farkon kati shi ne yankin da ake taɓawa duk lokacin da aka ƙara fayil, kuma irin wannan ma'ajiya ba ta goge ɗan gurbi ɗaya shi kaɗai, babban yanki take ɗauka ta sake rubutawa, don haka yankewa a mummunan lokaci na iya shafar maƙwabta. A ganina nan ne shafin farko ya tafi, a ranar yankewar. Sannan canja kebul ya zo ya rufe cutukan biyu da shiru. Da ta tsaya ga kebul ɗinta na asali, wanda mai yiwuwa babu abin da ya same shi, da alamar ta fi fitowa fili.

Saura tambaya guda, ko katin ya cancanci a sake amincewa da shi. Na yi masa fomat da SD Card Formatter na ƙungiyar SD Association, wanda ke ba kowane kati tsarin da ya dace da girmansa. Sannan na sa H2testw ya cika shi da bayanai har baki ya sake karanta su. Wannan gwaji ne ke tona katin da ya gaji, da kuma na jabu, wanda aka rubuta masa babban girma alhali cikinsa ƙarami ne, yana karɓar fayil ba gardama har ya cika ainihin girmansa, daga nan abin da aka ƙara ya lalace. An ɗauki fiye da awa guda, ya ƙare da "Test finished without errors." Da ya nuna ko kuskure ɗaya, da ban mayar da shi ba, domin katin da ya fara zubar da bayanai ba a gyara shi da fomat.

Na mayar da katin cikin na'urar, na haɗa ta, na tura folda mai giga 2, kuma ana cikin turawa na ɗan motsa kebul ɗin hagu da dama. Bai yanke ba. Da na ɗaga kansa sama da ɗan ƙarfi bayan an gama turawa, sai ya yanke sau ɗaya. Wannan ba datti ba ne kuma. Makonnin da aka yi ana danna shi da yatsa sun ɗan raunana dalmar da ke riƙe ramin a jikin allon ciki, kuma wata rana sai mai gyara ya sake narka ta.

Ƙanwata ta ce, "To yanzu ya zan yi, Yaya?" Na ba ta na'urar karanta katin, na ce ta riƙa kashe 'yar na'urar tana zare katin idan za ta kwashe darussa, ta yi hakan duk ƙarshen mako, ta danna Eject kafin ta cire, ramin kuma ta bar shi ga caji kawai. Gajeren kebul ɗin mai zare na mayar mata da shi, don wannan aikin ya iya shi.